Yadda Ake Gano Dalilin da Ya Sa Saƙon Jeri a WhatsApp Yake Isa ga Wasu Ya Bar Wasu

Ɗan kasuwar da yake sauke tumatir, tattasai da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas ba shi da lokacin bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya idan mota ta iso daga Arewa da asuba, domin kayan gwari ba sa jiran kowa. Saboda haka da yawa daga cikin dillalai sukan haɗa lambobin masu gidajen abinci da masu sarin kwando a jeri guda, wanda a allon WhatsApp aka rubuta shi da `Broadcast list`, su rubuta farashin ranar sau ɗaya ya tafi ga kowa. Matsalar da ake yawan kuka da ita ita ce, bayan an aika, sai wata mai gidan abinci daga Surulere ta kira da hantsi tana tambayar ko kaya sun iso, alhali sunanta yana cikin jerin, kuma maƙwabciyarta ta ga saƙon tun da sassafe. A mafi yawan lokuta wayar ba ta lalace ba, sabis ma bai yi laifi ba. Ƙa'idar manhajar ce ta yi aikinta, kuma ana iya gano wanda ta shafa cikin 'yan kwanaki idan aka bi matakan a jere.

Ƙa'idar ita ce: saƙon jeri yana isa ne kawai ga mutumin da ya adana lambar mai aikawa a cikin littafin lambobin wayarsa. Sharaɗin yana wuyan mai karɓa, ba wuyan mai aikawa ba, kuma a nan ne mutane suke ruɗewa. Mai aikawa yana da lambar mutumin, ya rubuta sunansa, yana ganin hotonsa, ya sa shi cikin jerin ba tare da manhajar ta yi masa gargaɗi ba, sai ya ɗauka ai magana ta ƙare. Amma abin da WhatsApp yake dubawa kafin ya miƙa saƙon shi ne ko lambar mai aikawa tana cikin lambobin wancan ɓangaren. An sa wannan shinge ne domin kada wani ya tattara lambobin mutanen da ba su san shi ba ya riƙa zuba musu talla, tun da jeri ɗaya yana ɗaukar har mutum 256, kuma mutum yana iya buɗe jeri fiye da ɗaya. Adana lamba shi ne abin da manhajar take ɗauka a matsayin izini.

Abin da yake ƙara ɓoye matsalar shi ne, saƙon kai tsaye ba ya bin wannan ƙa'ida. Mutum zai iya shafe wata shida yana ciniki da kai ta WhatsApp, yana turo maka shaidar biyan kuɗi, kana tura masa hoton kwanduna, amma bai taɓa adana lambarka ba, domin duk lokacin da yake nemanka sai ya gangara cikin tsofaffin hirarraki ya gane ka da hotonka. A ganinka shi na gida ne, amma a lissafin manhajar baƙo kake a wayarsa. A Legas, inda ake karɓar lamba a tsaye a bakin mota ana cewa "turo mini saƙo zan ajiye", irin waɗannan su ne suka fi yawa a cikin waɗanda saƙon jeri yake tsallakewa.

Mataki na farko: a fitar da sunayen waɗanda saƙon bai kai gare su ba

Kada a fara da tambayar mutane ko sun gani, domin wani zai ce ya gani don kunya, wani kuma ya ce bai gani ba alhali bai buɗe wayar ba ne. Manhajar da kanta tana riƙe da bayanin. A buɗe jerin, a danna saƙon da aka aika a riƙe shi, sannan a zaɓi `Info`. A wayoyin Android yakan kasance a sama ko a ƙarƙashin ɗigo ukun nan na kusurwa, a iPhone kuma yana fitowa a cikin zaɓuɓɓukan da suke bayyana bayan an riƙe saƙon. Za a ga kashi biyu: `Read by`, wato waɗanda suka buɗe suka karanta, da `Delivered to`, wato waɗanda saƙon ya sauka a wayarsu. Duk wanda ya fito a ɗaya daga cikin biyun ya fita daga zargi, ko da bai amsa ba. Wanda ya kashe alamar karantawa a wayarsa zai tsaya a kashi na biyu, kuma hakan ba matsala ba ce, saƙo ya kai.

Waɗanda ake nema su ne sunayen da suke cikin jerin amma ba su fito a ko ɗaya ba. Ana iya tabbatarwa ta buɗe hirar mutumin shi kaɗai, domin kwafin saƙon jeri yana bayyana a can, kuma za a tarar da shi da alamar maki ɗaya mai ruwan toka. Maki ɗaya yana nufin saƙon ya bar wayarka ya isa wurin WhatsApp, maki biyu yana nufin ya sauka a wayar mutumin, idan sun koma shuɗi kuma an karanta.

A nan akwai buƙatar haƙuri. Kada a yi wannan ƙidaya minti goma bayan aikawa, domin wanda cajinsa ya ƙare cikin dare saboda rashin wuta, ko wanda datarsa ta ƙare sai ya sayar da abinci zai sake saye, shi ma maki ɗaya zai nuna. A bar saƙon ya kwana, a duba washegari da yamma. Wanda wayarsa ce kawai take kashe, saƙon zai sauka da zarar ya kunna data, tun da WhatsApp yana riƙe saƙon da bai sauka ba har tsawon kwana 30 yana ƙoƙarin miƙa shi. Wanda ya wuce kwana guda a maki ɗaya, musamman idan ana ganinsa yana magana a wani zaure ko yana amsa wasu, shi ne za a rubuta sunansa a takarda.

Mataki na biyu: gwajin saƙon kai tsaye

Wannan gwaji shi ne zuciyar aikin gaba ɗaya, kuma ba ya cin komai sai ɗan lokaci. A buɗe hirar mutumin da aka rubuta sunansa, a aika masa gajeriyar gaisuwa kai tsaye, ba ta cikin jerin ba, sannan a duba makin. Idan gaisuwar ta samu maki biyu, saƙon jerin da yake samanta kuma yana nan da maki ɗaya, an gama bincike a kansa: wayarsa tana aiki, bai toshe ka ba, lambarka ce kawai WhatsApp bai gani a cikin lambobinsa ba. Idan kuwa ita ma gaisuwar ta tsaya a maki ɗaya, matsalarsa daban ce, kuma roƙonsa ya adana lamba ba zai magance ta ba.

Mu ɗauki misalin dillalin da yake da mutum 180 a jerinsa. Ya aika farashi ranar Litinin da asuba, ya duba ranar Talata da yamma, ya tarar saƙon ya sauka ga 112, saura 68. Ya bi waɗannan 68 da gaisuwa kai tsaye, sai 49 suka nuna maki biyu, 19 suka tsaya a ɗaya. Lissafin ya nuna masa cewa 49 ɗin nan abokan ciniki ne masu rai da lafiya waɗanda suka daɗe ba sa ganin farashinsa, wataƙila tun ranar da ya buɗe jerin, su ne kuma ya kamata ya fara da su. Sauran 19 za a dawo kansu daga baya.

Akwai abin da ya kamata a kiyaye wajen wannan gwaji. Kada a kwafi jimla ɗaya a zuba wa mutum sittin cikin minti biyar, domin waɗanda ba su adana lambarka ba za su ga saƙo daga lambar da ba suna, kuma manhajar tana nuna musu maɓallin toshewa da na kai ƙara a daidai wannan wuri. Idan ƙararraki suka taru a kan lamba ɗaya, ana iya dakatar da ita, wanda ya fi asarar saƙon jeri muni. A raba aikin zuwa kwana biyu ko uku, a kira kowa da sunan da aka saba kiransa, a kuma faɗi ko wane ne yake magana tun a jimlar farko.

Mataki na uku: "Ai na adana lambarka"

Daga cikin mutum 49 ɗin nan, wasu za su amsa cewa lallai ba su adana ba, su adana nan take. Waɗannan masu sauƙi ne. Masu wahalar su ne waɗanda za su rantse cewa lambar tana wayarsu tun bara, kuma gaskiya suke faɗa. A nan sai a tambayi mutum ya karanto lambar da ya adana, a saurari lambobi huɗun ƙarshe.

Dalilin da ya fi yawa a wannan rukuni shi ne layi biyu. Kusan kowane ɗan kasuwa yana da sim biyu a waya ɗaya, misali MTN da Airtel, yana kira da ɗaya, WhatsApp ɗinsa kuma yana kan ɗayan. Abokin ciniki ya adana layin da aka kira shi da shi, ko wanda aka rubuta a jikin rumfa, amma saƙon jeri yana fitowa daga ɗaya layin, wanda bai taɓa shiga wayarsa ba. A wurin WhatsApp suna ba shi da amfani, lambar da aka yi rajistar manhajar da ita ita ce mutum. Domin sanin wace ce, a shiga `Settings` a taɓa sunan kai, lambar tana rubuce a ƙasa. Wanda yake da WhatsApp na gida a layi ɗaya da WhatsApp Business a ɗaya layin ya ƙara lura, domin wanda ya adana na gidan ba zai samu saƙon jerin da aka aika daga na kasuwancin ba. Haka kuma wanda ya sauya lamba ta hanyar `Change number` zai tarar da hirarrakinsa da zaurukansa sun biyo shi, amma littafin lambobin mutane bai sauya ba, sai kowa ya adana sabuwar da hannunsa.

Dalili na biyu shi ne inda aka adana lambar da kuma ko an bar WhatsApp ya gan ta. Wanda ya adana ta a ƙaramar wayarsa mai maɓalli, WhatsApp kuma yana kan babbar, bai adana ba a idon manhajar. Haka wanda ya ajiye ta a kan katin sim, domin a wayoyi da yawa sai an kwafo lambobin sim zuwa cikin wayar kafin manhajar ta gan su. Akwai kuma wanda ya hana WhatsApp izinin shiga lambobinsa tun ranar da ya girka shi, kuma ana gane wannan da kallo ɗaya: duk hirarrakinsa lambobi ne tsirara, babu suna ko ɗaya, har na matarsa. A Android ana gyarawa ta `Settings` na wayar, a shiga `Apps`, a zaɓi WhatsApp, a shiga `Permissions`, a ba da izinin `Contacts`. Wanda ya sayi sabuwar waya, ko aka yi masa filashin tsohuwar a kasuwar wayoyi ta Computer Village lambobinsa suka zube, shi ma yana faɗa cikin wannan rukuni ba tare da ya sani ba, tun da hirarrakin na iya dawowa lambobin kuma ba su dawo ba.

Dalili na uku yana shafar waɗanda layinsu ba na Najeriya ba ne, kamar ɗan uwa da yake riƙe da layin Nijar, ko abokin ciniki a Kwatano. Idan ya adana lambarka da sifili a gaba kamar yadda muke rubutawa a gida, manhajar za ta iya ɗaukarta a matsayin lambar ƙasarsa. Sai ya adana ta da lambar ƙasa, wato +234, ya cire sifilin farko. Rubuta ta a haka ba ya cutar da kowa ko a cikin Najeriya, don haka ya fi kyau a riƙa bayar da ita a wannan siffa tun farko.

Hanya mafi gajarta ta tabbatarwa, idan mutumin yana gabanka a kasuwa, ita ce ya buɗe hirarku a wayarsa. Idan a saman allon sunanka ne kamar yadda ya rubuta shi, ya adana. Idan lamba ce take farawa da +234, bai adana wannan layin ba, kome ya rantse. A nan take sai ya taɓa lambar ya zaɓi ƙara ta cikin lambobinsa.

Mataki na huɗu: sa mutane su adana, sannan a sake gwadawa

Roƙon "ku yi sabin lambata" da ake aikawa ta cikin jerin kansa aikin banza ne, kamar mai shela ne a cikin ɗaki yana kiran na waje su shigo, domin waɗanda za su ga roƙon su ne waɗanda suka riga suka adana. Dole roƙon ya bi ta saƙon kai tsaye, ko kiran waya, ko baki da baki. Kuma ya kamata a faɗa wa mutum amfanin da zai samu, misali: "Salamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Mai tumatir ɗinku ne na Mile 12. Kullum da asuba ina turo farashin kaya idan mota ta iso, amma ba ya shigowa wayarki sai kin adana wannan lambar da nake miki magana da ita. Don Allah idan kin adana ki sanar da ni." Jimlar "wannan lambar da nake magana da ita" tana da muhimmanci saboda masu riƙe da ɗaya layin.

Domin rage wa mutane wahala, mai aikawa ya adana lambar kansa a wayarsa da sunan da aka san shi da shi a kasuwa, sannan ya tura ta a matsayin kati ta alamar maƙala, ya zaɓi `Contact`. Mai karɓa zai taɓa katin ya adana ba tare da ya rubuta ko lamba ɗaya ba. Wanda yake amfani da WhatsApp Business kuma zai iya sa wannan roƙo a cikin `Greeting message`, wanda yake tafiya da kansa ga duk wanda ya yi masa magana karon farko, ko bayan kwana 14 ba a yi hira ba, ta yadda sababbin abokan ciniki za su shigo ta ƙofar da ta dace.

Bayan mutum ya ce ya adana, kada a zauna jiran tsohon saƙon ya sauka. A ba wayarsa ɗan lokaci tana kan data domin manhajar ta sabunta lambobinsa, sannan a aika sabon saƙo ta jerin, a sake duba `Info`. Idan ba a so a dami mutum 180 da gwaji, a buɗe ƙaramin jeri na waɗanda ake gyarawa kawai ta `New broadcast`, a gwada a kansu. Wanda ya fito a `Delivered to` ya shigo. Wanda har yanzu yake maki ɗaya, a koma da shi mataki na uku, domin akwai abin da aka tsallake.

Waɗanda ko saƙon kai tsaye bai same su ba

Sauran mutum 19 na misalinmu ba za a gane halinsu daga cikin WhatsApp kaɗai ba, sai an kira su ta layin waya. Wani zai ce wayar ta faɗa ruwa ko an sace ta a cikin motar haya ta danfo. Wani ya tafi gida noma, inda sabis ba ya ɗaukar data, kuma zai dawo bayan girbi. Wani an rufe layinsa lokacin da ake haɗa layuka da lambar zama ɗan ƙasa, ya sayi sabo bai sanar ba. Wani kuma idan aka kira sai baƙuwar murya ta ɗauka, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanonin sadarwa sukan sake sayar da shi ga wani. Irin wannan a cire shi daga jerin da ma wayar baki ɗaya.

Akwai kuma wanda ya toshe ka. WhatsApp ba ya sanar da hakan, amma alamominsa sukan haɗu: saƙo ba ya wuce maki ɗaya, kiran WhatsApp ba ya shiga, hotonsa da lokacin da ya leƙo sun ɓace. Sai dai kada a yanke hukunci da ɓacewar hoto kaɗai, domin wanda ya saita hotonsa a kan `My contacts` yana ɓoye shi ga duk wanda shi bai adana lambarsa ba, wanda ke nufin rashin hoto tare da maki biyu na iya zama alamar rashin adana lamba, ba ta toshewa ba. Idan ta tabbata toshewa ce, a bar mutumin, kada a bi shi da wani layi. A ganina dillalin da yake tura farashi sau ɗaya da safe ba kasafai ake toshe shi ba, wanda ake toshewa shi ne wanda ya mayar da jerin kasuwa wurin tura bidiyo da gaisuwar kowace sa'a.

Idan bayan duk wannan aka tarar yawancin mutanen ba masu adana lamba ba ne, to jeri bai dace da su ba. Zaure yana isar da saƙo ga duk wanda yake ciki ko bai adana lambar kowa ba, yana ɗaukar har mutum 1024, kuma ana iya saita shi ta yadda shugabanni ne kawai za su yi rubutu, sai dai kowa yana ganin lambar kowa, abin da dillali ba zai so ba idan abokan hamayyarsa suka shigo suka kwashe masa masu saye. Tashar WhatsApp, wato `Channels` da aka fito da ita a 2023, tana ɓoye lambobin masu bi, amma sai mutum ya bi ta da kansa, kuma ba a cinikin sirri a cikinta. `Status` kuwa ya fi jeri tsauri, domin shi sai kowane ɓangare ya adana lambar ɗan uwansa kafin a gani. Ga mai sayar da kayan da farashinsu yake sauyawa kullum, wanda yake so kowace amsa ta zo masa shi kaɗai a yi ciniki ba a gaban jama'a ba, jerin ne ya fi, da sharaɗin ya riƙa duba `Info` sau ɗaya a wata, ya bi sababbin masu maki ɗaya da gaisuwa kai tsaye kafin su taru.